Yadda A Ke Jera Jadawalin Maki Ba Tare Da An Raba Yaro Da Makinsa Ba

Yanzu ƙarshen zango ya matso, waɗanda aka tura aikin koyarwa na gwaji cikin makarantun garin Gombe, ko a Pantami, ko Bolari, ko Jekadafari, kowa zai tarar da aiki ɗaya yana jiransa, watau haɗa makin jarrabawa. A da da alƙalami da rula a ke yinsa cikin babbar takarda. Yau makarantu da yawa sun koma yinsa cikin kwamfuta, da Excel ko wani abu mai kama da shi, wanda ba shi da kwamfuta kuwa sai ya kai shago a buga masa. Hedimasta ya kan ce, "Malam, jera mini su aji aji, mai yawan maki a bisa, ka kuma fitar mini da waɗanda suka fāɗi lissafi." Aikin minti biyu ne ga wanda ya iya. Ga wanda bai iya ba kuwa, cikin minti biyun nan ya kan ɗauki makin wani yaro ya ba wani, ba wanda zai sani sai uba ya zo da takardar ɗansa a hannu yana tambaya.

Bari mu fara daidaita sunayen abubuwa domin kada mu ruɗe. Jadawali yana da layukan kwance da layukan tsaye. Layin kwance zan kira shi sahu. Na tsaye zan bar shi da sunansa, layin tsaye. Inda su biyu suka gamu kuwa, ɗan akwatin nan da a ke rubutu a ciki, shi ne gida, kamar gidan dara. Excel yana ba sahu lamba, 1, 2, 3, yana ba layin tsaye harafi, A, B, C. Gidan F3 ke nan shi ne inda layin F ya gamu da sahu na 3.

To, abin da ya kamata malami ya riƙe tun daga farko shi ne, sahu ɗaya yaro ɗaya ne. In ka fitar da yara fili ka ce su jeru bisa ga tsawo, kowane yaro ya kan tashi da hularsa da rigarsa da takalminsa ya koma sabon wurinsa. Ba wanda ya taɓa ganin an bar yara a tsaye an jera hulunansu kaɗai, a ɗora babbar hula bisa kan na farko, ƙarama bisa kan na ƙarshe. Amma kwamfuta za ta yi wannan in ka umurce ta, gama ba ta san yaro ba, gidaje kaɗai ta sani.

Ga jadawalin da za mu yi aiki da shi. Sunayen da makin duka na misali ne, na kuwa rage yaran zuwa takwas domin mai karatu ya iya bi da idonsa.

| Lamba | Suna | Aji | Jinsi | Hausa | Lissafi | Jimla |
|---|---|---|---|---|---|---|
| 1 | Audu | 1B | namiji | 62 | 48 | 110 |
| 2 | Ladi | 1A | mace | 71 | 80 | 151 |
| 3 | Musa | 1A | namiji | 55 | 67 | 122 |
| 4 | Saratu | 1B | mace | 80 | 59 | 139 |
| 5 | Bulus | 1A | namiji | 67 | 55 | 122 |
| 6 | Hauwa | 1B | mace | 45 | 38 | 83 |
| 7 | Musa | 1B | namiji | 74 | 65 | 139 |
| 8 | Talatu | 1A | mace | 39 | 52 | 91 |

Kanun suna sahu na 1, yaran kuwa daga sahu na 2 zuwa na 9. Lamba tana layin A, Suna B, Aji C, Jinsi D, Hausa E, Lissafi F, Jimla G. A gidan G2 an rubuta `=E2+F2`, aka ja shi har ƙasa.

Ku lura da layin nan na farko, na Lamba. Ba ado ba ne. Muna da Musa biyu, a makarantar gaske kuwa za ka tarar da Musa biyar da A'isha bakwai, suna kaɗai ba ya rarrabe su. Har wa yau kuma lambar nan ita ce hanyar komowa gida: kome ka jujjuya jadawalin, in ka jera shi bisa ga Lamba sai ya koma yadda ya ke cikin rajista. Amma lalle a buga lambobin su zama tabbatattu. In ka sa fomula irin `=ROW()-1` ta ƙirga maka su, duk sa'ad da ka jera sai ta sāke ƙirgawa daga 1, lambar ta zama ta kujera, ba ta yaro ba, amfaninta ya tafi.

Yadda ɓarnar ke faruwa

A ce malami yana so ya ga wanda ya fi kowa lissafi. Sai ya danna harafin F a bisa, layin Lissafi duka ya yi inuwa, ya shiga Data ya danna alamar jerawa daga babba zuwa ƙarami. Excel zai tsayar da shi da ɗan akwatin gargaɗi mai zaɓi biyu. Na ɗaya Expand the selection, ma'anarsa a tafi da sauran layukan tare. Na biyu Continue with the current selection, ma'anarsa a jera wannan layi shi kaɗai. Mai gaggawa, ko wanda ya ga kalmar Continue ya ɗauka ita ce ta wucewa gaba, sai ya zaɓi na biyu.

Ga abin da zai samu. Makin lissafi ya jeru 80, 67, 65, 59, 55, 52, 48, 38, sunaye kuwa ba su motsa ba. Audu, wanda ya ci 48, ya tashi da 80. Ladi mai 80 ta koma 67. Hauwa mai 38 ta sami 52, ta haye. Musa na 1B, mai 65, ya koma 48, Talatu mai 52 ta koma 38, su biyu sun fāɗi abin da suka ci. Jimla kuwa, tun da ya ke fomula ce, nan da nan ta bi sabon makin ba gardama: Audu ya zama mai 142, shi ne na ɗaya duk cikin takwas ɗin, Ladi ta sauko 138.

Abin da ya sa wannan kuskure ya fi sauran mugunta shi ne ba ya barin sawu. Tara makin lissafi kafin ɓarnar, 464 ne. Tara shi bayanta, 464 ne. Matsakaici 58 ne can, 58 ne nan. Yara biyu ne ba su kai 50 ba can, biyu ne nan. Duk gwajin da muka saba yi tun muna firamare, na tara layi mu ga ko ya yi daidai, zai ce maka lafiya lau. Har ma in ka ce bari ka ɗauki yaro ɗaya ko biyu ka gwada da takardunsu, duba Saratu da Bulus: 59 da 55 ɗinsu sun faɗo daidai inda su ke tun farko. Malamin da ya duba waɗannan biyu zai rufe kwamfutarsa da farin ciki, alhali shida daga cikin takwas suna ɗauke da makin da ba nasu ba.

In ka farga nan take, Ctrl+Z zai mayar da kome wurinsa. In kuwa ka adana fayil ɗin ka rufe shi, wannan hanya ta toshe, sai fa in akwai wani kwafi na dā, in babu sai a koma ga takardun jarrabawa ɗaya ɗaya. Domin wannan, kafin ka taɓa jadawali ka yi masa kwafi, ka bar na asali a gefe.

Wannan hanya ta farko ma da sauƙi, gama an yi maka gargaɗi. Akwai waɗansu biyu da ba a gargaɗi ko kaɗan.

Ta ɗaya ita ce layin tsaye da aka bari babu kome ciki. Malamai da yawa suna son barin fili tsakanin sunaye da maki domin takardar ta yi kyaun gani. To, in ka danna gida ɗaya cikin jadawali ka ce a jera, Excel da kansa ya ke neman iyakar jadawalin, yana kuwa tsayawa ne inda ya tarar da layi ko sahu wanda ba kome cikinsa daga farko har ƙarshe. In akwai irin wannan fili tsakanin Jinsi da Hausa, a wurinsa jadawali biyu ne su ke maƙwabtaka. Ka jera sunaye daga A zuwa Z, sunaye da aji da jinsi su tashi, maki ya zauna inda ya ke. Haka nan sahun da aka bari fanko tsakanin 1A da 1B: na bisa za su jeru, na ƙasa ba za a taɓa su ba. Wanda ya ke son fili sai ya faɗaɗa layin, kada ya bar wani fanko.

Ta biyu ita ce layin da aka ƙara daga baya. Ka kunna Filter tun jadawali yana da layuka bakwai, 'yan kibiyoyi suka fito bisa kanun bakwai ɗin. Bayan kwana biyu malamin Turanci ya kawo makinsa ka zuba a layin H. In ka jera da ɗaya daga cikin kibiyoyin nan, mai yiwuwa ne ƙwarai bakwai ɗin su tashi su bar na takwas. Alamarsa a fili ta ke ga mai lura: dubi kanun, duk wanda ba shi da 'yar kibiya ba ya cikin tafiyar. Maganinsa ka kashe Filter, ka zaɓi jadawalin duka, ka sāke kunnawa.

Masu aiki da Google Sheets su ƙara kula, gama can in ka zaɓi layi ɗaya ka ce Sort range, zai jera maka shi kaɗai, ba tambaya.

Jerawa bisa ga layuka da yawa

Yanzu mu yi abin da hedimasta ya roƙa. Aji aji, mai yawan jimla a bisa. Sai dai akwai kunnen doki: Musa da Bulus na 1A kowa 122, Saratu da Musa na 1B kowa 139. A ce makarantar ta yanke cewa in jimla ta zo ɗaya, wanda ya fi lissafi shi ke gaba. Sharaɗi uku ke nan, kuma suna da girma da ƙanƙanta: Aji shi ne babba, Jimla na bi masa, Lissafi ne auta. Ba a duban na biyu sai na farko ya zo ɗaya, ba a duban na uku sai na biyu ya zo ɗaya.

Ka zaɓi jadawalin duka da hannunka, daga A1 har G9, kada ka bar wa kwamfuta ta yi maka zato. Ka shiga Data, ka danna babban Sort, ba ƙananan alamun nan biyu ba. Cikin akwatin da zai buɗe ka tabbata an yi alama a My data has headers, in ba haka ba kalmar Suna da kalmar Aji za su shiga cikin yara a jera da su. A Sort by ka zaɓi Aji, tsarinsa A to Z. Ka danna Add Level, wani layi zai fito mai suna Then by, ka zaɓi Jimla, Largest to Smallest. Ka sāke danna Add Level, ka zaɓi Lissafi, shi ma Largest to Smallest. Sa'an nan OK. Tun daga Excel na 2007 a kan iya jera sharaɗi har 64 a nan, na gabansa uku kaɗai ya ke karɓa, mu dai uku sun ishe mu.

| Lamba | Suna | Aji | Jinsi | Hausa | Lissafi | Jimla |
|---|---|---|---|---|---|---|
| 2 | Ladi | 1A | mace | 71 | 80 | 151 |
| 3 | Musa | 1A | namiji | 55 | 67 | 122 |
| 5 | Bulus | 1A | namiji | 67 | 55 | 122 |
| 8 | Talatu | 1A | mace | 39 | 52 | 91 |
| 7 | Musa | 1B | namiji | 74 | 65 | 139 |
| 4 | Saratu | 1B | mace | 80 | 59 | 139 |
| 1 | Audu | 1B | namiji | 62 | 48 | 110 |
| 6 | Hauwa | 1B | mace | 45 | 38 | 83 |

Dubi layin Lamba: 2, 3, 5, 8, 7, 4, 1, 6. Ya hargitse, haka kuwa a ke so. In ka jera jadawali ka ga Lamba tana nan 1, 2, 3 kamar ba abin da ya faru, to, an bar ta baya, ka tsaya ka bincika me kuma aka bari.

Wani zai ce, me zai hana in jera sau uku, layi ɗaya ɗaya? Ana iyawa, amma daga auta a ke farawa. Ka jera da Lissafi tukuna, sa'an nan Jimla, sa'an nan Aji daga ƙarshe. Dalili kuwa, jeri na ƙarshe shi ke mulki, waɗanda suka zo ɗaya a cikinsa kuwa ya kan bar su bisa ga tsarin da ya tarar da su. In ka fara da Aji ka ƙare da Lissafi, ajin biyu za su cakuɗe. Yara ba su rabu da makinsu ba, amma ba abin da aka roƙe ka ke nan ba.

In jerin ya fito da wani yaro a wurin da bai dace ba, da wuya laifin ya zama na jerawa, rubutun ne. Wani ya buga "1 A" da fili a tsakani, kwamfuta ta ɗauke shi aji na uku. Ko kuwa wani maki ya shiga a matsayin rubutu maimakon lamba, abin da ya kan faru in an kwaso shi daga wani wuri. Za ka gane shi domin lambobi suna jingina da gefen dama na gidansu, shi kuwa yana jingine da hagu, sau da yawa da ɗan koren tabo a kusurwarsa. Gidajen da aka haɗe kuma, irin wanda a ke rubuta 1A sau ɗaya babba ya rufe sahu huɗu, Excel ya kan ƙi jera su sam. Kowane yaro a rubuta ajinsa cikin sahunsa, ko da za a maimaita sau arba'in.

Gwajin da ke kama ɓarnar

Mun ga tara layi ba ya kama kome. Muna bukatar gwajin da zai ɗaure kowane maki da mai shi. Ga shi, ba kuwa wuya: ka ninka makin kowane yaro da lambarsa, ka tara duka. Audu 1 sau 48, Ladi 2 sau 80, Musa 3 sau 67, har zuwa Talatu 8 sau 52. Fomula ɗaya tana yin wannan:

```
=SUMPRODUCT(A2:A9,F2:F9)
```

Amsar 2019 ce. Ka rubuta ta a takarda kafin ka fara. Ko yaya ka jera jadawalin, muddin kowane sahu ya tashi ɗungum, Ladi tana nan da 2 da 80 ɗinta ko tana bisa ko tana ƙasa, amsar ba za ta sāke ba. Amma cikin ɓataccen jadawalin nan da Audu ya sami 80, amsar ta koma 1872. Ka ga bambanci nan da nan. Ka yi wa kowane darasi nasa, na Hausa 2124 ne. Ka ajiye fomulolin nan a wani shafi dabam, ko can ƙasa bayan ka tsallake sahu biyu, domin kada su shiga jeri.

Gwajin nan yana da iyaka. Maki da Lamba ya ke ɗaurewa, ba maki da Suna ba. In layin sunaye ne kaɗai ya tashi, 2019 za ta zauna daram. Domin wannan, bayan ka gama, ka jera kwafi ɗaya bisa ga Lamba ka aza shi kusa da rajista ka bi sunayen da ido. A ganina aikin minti biyar ne da bai kamata a ba yaro takardar sakamako ba sai an yi shi.

Tacewa

Saura rabin roƙon hedimasta, a fitar da waɗanda suka fāɗi. Ka zaɓi jadawalin duka, ka danna Filter cikin Data, ko Ctrl+Shift+L. Mun ce tacewa, amma kada kalmar ta ruɗe mu. Mai tace koko ta kan zubar da dusa. Nan ba a zubar da kome, ɓoyewa a ke yi. Dubi lambobin sahu a gefen hagu, za ka ga sun canza launi suna tsallake, 2, 5, 7, 8, sauran suna nan a ƙarƙashi.

Mu koma jadawalin farko. A kibiyar Aji ka bar alama a 1B kaɗai: Audu, Saratu, Hauwa, Musa. A kibiyar Lissafi ka shiga Number Filters, Less Than, ka buga 50: saura Audu da Hauwa. In ka ƙara da Jinsi, mace, saura Hauwa ita kaɗai. Kowane layi da ka tace yana rage abin da na baya ya bari. Watau sai yaro ya cika sharuɗan duka kafin a gan shi.

Nan ne mutane ke tuntuɓe. A ce ana neman duk yaron da ya kasa 50 ko a Hausa ko a Lissafi, domin a yi musu darasin yamma. In ka tace Hausa ƙasa da 50, ka kuma tace Lissafi ƙasa da 50, Hauwa kaɗai za ta fito, gama ita ce ta kasa duka biyu. Audu da Talatu, waɗanda kowannensu ya kasa ɗaya, sun ɓuya, ba za a kira su darasin ba. Abin yi shi ne ka ƙara layin H, ka sa masa kai, ka rubuta wannan a H2 ka ja shi ƙasa:

```
=IF(OR(E2<50,F2<50),"taimako","")
```

Sa'an nan ka kashe Filter ka sāke kunnawa domin H ya sami kibiyarsa, ka tace shi bisa kalmar taimako. Uku za su fito: Audu, Hauwa, Talatu.

Tun da ya ke ɓoyayyun sahu suna nan, abu biyu ke biyo baya. Na fari, SUM ba ya kula da tacewa. Ka tace 1B, `=SUM(F2:F9)` zai ba ka 464 har yanzu, na ajin biyu. Wanda ke tara abin da ido ke gani kaɗai shi ne `=SUBTOTAL(9,F2:F9)`, amsarsa 210.

Na biyu shi ne wanda na fi jin tsoro duk cikin darasin nan. A ce an sāke duba takardun lissafi na 1B, aka kawo maka sabon maki huɗu a jere cikin wani shafi. Ka tace 1B, ka ga yara huɗu, ka kwafo maki huɗu, ka danna gidan Audu ka liƙa. Ido ya ce huɗu sun hau huɗu. Ba haka ba ne. Excel ya zuba su cikin sahu huɗu masu bin juna, 2, 3, 4, 5, da na fili da na ɓoye. Na farko ya sami Audu daidai. Na biyu ya hau kan makin Ladi, na uku ya hau kan na Musa na 1A, su kuwa suna ɓoye, ba ka gani. Na huɗu, wanda na Musa na 1B ne, ya faɗa gidan Saratu. Hauwa da Musa ba su sami kome ba. Yara biyu na wani aji sun yi hasarar makinsu ba wanda ya taɓa takardunsu. Kada ka liƙa jerin maki cikin jadawali yana tace. Ka cire tacewar, ka jera da Aji sa'an nan Lamba domin 'yan 1B su zauna kusa da juna, ka tabbata sabon makin ma bisa ga Lamba ya ke, kāna ka liƙa. In kaɗan ne, buga su da hannu ya fi.

Kada kuma ka aika wa kowa fayil ɗin da ka tace kana zaton abin da ka ɓoye ya fita. Manya ma sun ƙone a nan. A watan Satumba na 2008, sa'ad da bankin Lehman Brothers na Amirka ya durƙushe, bankin Barclays na Ingila ya sayi wani sashe nasa. An aika wa lauyoyi jadawalin kwangilolin da za a karɓa, cikinsa akwai 179 da aka ɓoye domin ba a son su. Da aka gyara jadawalin aka mai da shi PDF domin kai wa kotu, sai ɓoyayyun suka fito cikin jerin, har sai da aka koma gaban alƙali ana roƙon a cire su. In uban Hauwa za ka ba sakamako, ka kwafe sahunta zuwa sabon fayil, kada ka ba shi makin 'ya'yan mutane a ɓoye.

Akwai abubuwa biyu da ke rage wahalar nan duka. In ka zaɓi jadawalin duka ka danna Ctrl+T, Excel zai ɗaure shi ya zama abu ɗaya, kibiyoyi su fito da kansu, layin da ka ƙara a jikinsa kuma ya shiga ciki. Ga mai Excel na 2021 ko Microsoft 365 kuwa, akwai fomular da ke fitar da jeri a wani wuri ba ta taɓa na asali ba:

```
=SORTBY(A2:G9,C2:C9,1,G2:G9,-1,F2:F9,-1)
```

Lamba 1 daga ƙarami zuwa babba ke nan, -1 daga babba zuwa ƙarami. Tsofaffin kwamfutocin da a kan tarar a makarantu ba duka suka san ta ba, in taka ta amsa da `#NAME?` sai ka koma akwatin Sort.

In za ka koyar da shi

Ba sai da wuta ba, ba sai da kwamfuta ga kowane yaro ba. Ka yanka kwali takwas, ka rubuta sahu ɗaya a kan kowanne, daga Lamba har Jimla. Ka ba yara su jera bisa tebur, da Lissafi, sa'an nan Jimla, sa'an nan Aji, suna kiyaye kada su juya waɗanda suka zo ɗaya. Su karanta lambobin, su ga ko sun sami 2, 3, 5, 8, 7, 4, 1, 6. Tacewa kuwa, su kifar da katin da bai cika sharaɗi ba, kada su ɗauke shi daga tebur. Daga nan ka ɗauki almakashi ka yanke gefen Lissafi daga katin duka, ka jera guntayen su kaɗai, ka tambayi ajin ko akwai mai iya mayar da kowane guntu wurinsa ba tare da ya dubi allo ba.

Ga tambayoyi uku na gwaji, da jadawalin farko za a yi su. Jera yaran bisa ga Jinsi, A zuwa Z, sa'an nan Hausa daga babba zuwa ƙarami, ka rubuta yadda Lamba ta fito. Yara nawa za su rage in an tace Aji 1A da Hausa sama da 60? In aka musanya makin lissafi na Musa da Musa, me jimlar layin za ta zama, me kuma 2019 za ta koma?